Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirya Rubutun da Za a Karanta a Gaban Makirufo

Waɗannan tambayoyi ne da masu shirya rubutu domin ɗaukar murya suka saba yi, ko aikin na rediyo ne, ko littafin sauraro, ko bayanin da ake ɗorawa kan bidiyo. Dukkan amsoshin sun doru ne a kan ƙa'ida ɗaya, wato duk wata shawara game da yadda za a furta suna ko lamba ko gajeren suna, a yanke ta a kan takarda tun kafin a kunna na'ura, domin kada mai karatu ya tsaya yanke ta a tsakiyar jimla.

Me ake nufi da tsabtataccen rubutu, tun da an riga an gyara kurakuran da ke cikinsa?

Rubutu yana iya kuɓuta daga kowane kuskuren nahawu amma bai dace da ɗaukar murya ba, saboda an tsara shi ne domin ido. Mai karanta jarida idan ya ci karo da sunan da bai sani ba, ko lamba mai tsawo, yakan tsallake da ido ya wuce, kuma babu wanda zai ji. Mai karatu a gaban makirufo ba shi da wannan dama, dole ne ya furta kowane abu, kuma ɗan jinkirin da ya yi kafin wata kalma yana fitowa sarai a cikin sautin da aka ɗauka.

Saboda haka tsabtataccen rubutu shi ne wanda duk abin da ke cikin jikinsa abin faɗa ne, an kuma rubuta shi daidai yadda za a faɗe shi. An cire bayanan ƙasan shafi, da saƙonnin da edita ya bari a gefe, da alamomin da ba a furtawa, da duk wani bayani na cikin baka biyu wanda marubuci bai fayyace ko a karanta shi ko a bar shi ba. Abin da ba na faɗa ba ne amma mai karatu yana buƙatarsa, kamar bayanin lafazi, ana sa shi cikin alama guda ɗaya da ba ta canzawa daga farkon aiki zuwa ƙarshensa.

A ina ya kamata a sa bayanin lafazi, cikin jimla ko a takarda ta daban?

A wurare biyun, domin aikinsu ya bambanta. Jerin lafazi da ake sawa a shafin farko na shiri ne, mai karatu ya bi shi tun kafin ya shiga ɗakin ɗaukar murya, ya maimaita sunayen har bakinsa ya saba da su. Wanda ake sawa cikin jimla kuwa na tunatarwa ne a daidai lokacin da ake karatu, kuma ya fi dacewa ya zo nan take bayan kalmar, cikin baka biyu masu kusurwa, kamar haka: Leicester [LES-ta]. Idan aka kai shi ƙarshen sakin layi, mai karatu zai gan shi ne bayan ya riga ya yi kuskuren.

Akwai masu ganin cewa ya isa a sa bayanin a wurin da sunan ya fara fitowa kawai. A gajeren rubutu na shafi ɗaya wannan daidai ne, amma a dogon aiki da ake ɗauka a zama da yawa, ko wanda mutum biyu suke karantawa, gwamma a maimaita shi a farkon fitowar sunan a kowane babi. Akwai kuma hanya ta uku, wadda ita ce a cire asalin rubutun sunan gaba ɗaya daga takardar mai karatu a bar lafazin kaɗai. Tana sauƙaƙa karatu ƙwarai, sai dai wajibi ne a adana asalin rubutun a cikin jerin, domin wanda zai rubuta kalmomin da ke bayyana a ƙasan bidiyo zai neme shi.

Da waɗanne haruffa za a rubuta lafazin? Ashe ba haruffan masana sauti ne suka fi inganci ba?

Haruffan masana sauti, wato IPA, waɗanda aka fara wallafawa a 1888, sun fi kowace hanya daidaito, amma amfaninsu ya tsaya ne ga wanda ya koye su, kuma yawancin masu karatu ba su koya ba. Abin da ya fi aiki shi ne a rubuta sunan da haruffan Hausa, a raba shi gaɓa-gaɓa da karan ɗori, a rubuta gaɓar da ake dannawa da manyan haruffa, a kuma ninka wasali idan ana jan sa. Sunan António Guterres, wanda ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, sai a rubuta shi [gu-TE-resh], domin a bakin mutanen Fotugal harafin ƙarshe yana fita ne kamar sh. Sunan Erdoğan kuwa [ER-do-wan] ne, saboda wannan g mai alama a kai ba a furta ta kamar g tamu. Jihar Arkansas ta Amurka [AR-kan-so] ce, alhali maƙwabciyarta ta fuskar suna, Kansas, [KAN-zas] ce, abin da ke nuna cewa kamannin rubutu ba hujja ba ce.

A lura da haruffan da idon Bahaushe ya saba wa wata murya dabam. Harafin c a wurinmu shi ne na ciki da cokali, don haka Cuba sai a rubuta ta Kyuba. Harafin g a Hausa kullum na gida ne, don haka Geneva tana buƙatar [je-NII-ba]. Game da p da v, waɗanda babu su a asalin sautukan Hausa, mai shirya rubutu ya zaɓa tun farko ko za a Hausantar da su zuwa f da b, ko za a bar su yadda suke, sa'annan ya tsaya a kan abin da ya zaɓa. Abin da ke damun kunne shi ne a ji suna ɗaya da lafazi biyu a cikin shiri guda.

Ta yaya ake tabbatar da cewa lafazin suna daidai ne?

Idan sunan mutum ne, hujjar da ta fi ƙarfi ita ce yadda mai sunan yake furta shi da bakinsa, ko dai a tambaye shi, ko a nemo wata hira da ya gabatar da kansa a cikinta. Idan hakan bai samu ba, sai a saurari masu harshen da sunan ya fito daga ciki. Sauraron yadda wata kafar yaɗa labarai ta wani harshe ta faɗe shi shi ne mataki mafi rauni, domin su ma sun karkata shi ne zuwa bakinsu. A cikin jerin lafazi a riƙa rubuta inda aka samo kowane ɗaya, ko da a kalmomi uku ne, saboda idan gardama ta taso a lokacin aiki a san abin da aka dogara da shi.

Akwai abu biyu da ake yawan mantawa. Na farko shi ne jinsin mai sunan, domin Hausa ba ta barin a kauce wa ya ce ko ta ce. Andrea sunan namiji ne a Italiya, sunan mace ne a Jamus, kuma Jean na Faransa namiji ne alhali Jean ta Ingila mace ce, lafazinsu ma ba ɗaya ba ne. Na biyu shi ne tsarin sunan: a Xi Jinping [SHII jin-PING], Xi ne sunan zuriya, don haka idan za a ambace shi karo na biyu da suna ɗaya, Shugaba Xi ake cewa. Wuraren da Hausa ta riga ta raɗa wa suna kuwa, irin su Masar, da Alƙahira, da Habasha, da Sin, da Bahar Rum, ba su buƙatar wani bayani, a rubuta su da sunansu na Hausa kawai.

Kalmomin Hausa ma suna buƙatar bayanin lafazi?

Wasu suna buƙata, domin rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar wuya tana iya zama ta jiki ko ta wahala, kuka yana iya zama na hawaye ko na bishiya ko kuma wanda ke cikin abin da kuka ce. Yawanci jimla takan warware ma'anar, amma idan kalmar ta zo a farkon jimla, mai karatu yakan furta ta kafin idonsa ya kai ga abin da zai warware ta. A nan sai a sa ɗan bayani, misali wuya [ta wahala], ko kuma, abin da ya fi, a sake gina jimlar yadda ma'anar za ta fito tun farko. Haruffa masu ƙugiya kuma ba abin sakaci ba ne a wannan aiki, domin kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, daga da ɗaga, duk ƙugiyar ce kaɗai ta raba su.

Me ya sa ake cewa a rubuta lambobi da kalmomi, alhali kowa ya iya karanta lamba?

Domin lamba ɗaya tana da hanyoyin faɗa fiye da ɗaya, kuma wasu daga cikinsu suna rikita mai sauraro. Shekarar 1960 ana iya ce mata alif da ɗari tara da sittin, ana iya cewa dubu ɗaya da ɗari tara da sittin, duka daidai ne, amma a zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Inda haɗarin yake shi ne manyan lambobi. Idan mai karatu ya ga 250,000 ya ce dubu ɗari biyu da hamsin, mai sauraro yana iya fahimtar 200,050. Hanyar kauce wa wannan ita ce a rubuta dubu ɗari biyu da dubu hamsin, idan kuma ɗayar ake nufi a maimaita abin da ake ƙirgawa, a ce mutum dubu ɗari biyu da mutum hamsin. Haka nan 15,000 dubu goma sha biyar ne, 10,005 kuwa dubu goma da guda biyar, kuma tazarar da ke tsakaninsu a baki kaɗan ce ƙwarai.

Lamba mai ɗigo ana karanta abin da ke bayan ɗigon ne ɗaya bayan ɗaya, wato 3.25 uku da ɗigo biyu biyar ne, ba ɗigo ashirin da biyar ba. Inda Hausa take da hanya mafi sauƙi a bi ta: 3.5% kashi uku da rabi cikin ɗari, 2,500,000 miliyan biyu da rabi. A kuma bincika daga inda bayanin ya fito, domin a rubutun Faransanci da Jamusanci waƙafi ne ke yin aikin ɗigo, ta yadda 1,5 yake nufin ɗaya da rabi, kuma a Jamusanci 1.500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Lokaci irin 14:30 a mayar da shi ƙarfe biyu da rabi na rana. Lambobin Romawa suna buƙatar jinsi, Yaƙin Duniya na Biyu amma Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Lambar waya kuwa ba adadi ba ce, don haka a rubuta ta ɗaya-ɗaya, a kasa ta rukuni-rukuni da waƙafi a inda ake so a numfasa.

Mai shirya rubutu yana iya barin alƙaluman cikin baka biyu masu kusurwa bayan kalmomin, domin wanda ke bin karatun ya iya dubawa da sauri. Amma rage lamba zuwa kimanin kaza ba hurumin mai shirya rubutu ba ne shi kaɗai, sai da yardar marubuci, musamman idan batun kuɗi ne ko magani ko doka.

Yaya ake yi da gajerun sunaye na hukumomi da laƙabobi?

Kowane gajeren suna yana da hanyoyi uku: a karanta shi kamar kalma, a karanta shi harafi-harafi, ko a warware shi gaba ɗaya. UNICEF ana faɗar sa kamar kalma, [YUU-ni-sef]. WHO ba a faɗar sa kamar kalma, ko dai a ce [dabilyu-ec-o], ko a ce Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda shi ne ya fi sauƙi ga kunne. MDD kuwa taƙaitawa ce ta rubutu kawai, a baki Majalisar Ɗinkin Duniya ake cewa. Takardar mai karatu dole ta nuna wace hanya aka zaɓa, kuma idan harafi-harafi ne a raba haruffan da karan ɗori. A tuna kuma cewa hukuma ɗaya tana iya samun gajerun sunaye biyu gwargwadon harshe, ECOWAS ita ce CEDEAO, NATO ita ce OTAN, saboda haka a duba wanda masu sauraron shirin suka saba ji, ko a ambaci duka biyun sau ɗaya a farko.

Laƙabobi da ma'aunai duk a warware su: Alh. ya zama Alhaji, Dr ya zama Dakta, ko Likita idan hakan ake nufi, (SAW) a rubuta salatin cikakke, km 40 ya zama kilomita arba'in, 2–8°C ya zama daga maki biyu zuwa takwas a ma'aunin Salshiyas. Harafin m shi kaɗai abin tuhuma ne a kullum, domin yana iya zama mita ko miliyan, kuma marubuci ne kawai zai iya tabbatarwa.

Za a iya nuna misali guda daga farko zuwa ƙarshe?

A ce marubuci ya kawo wannan sakin layi:

> A 14/5/1796 Dr Edward Jenner na Berkeley, Gloucestershire, ya gwada rigakafin agana. WHO (kafuwa 1948, Geneva) ta ƙarfafa yaƙi da cutar a 1967, an ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa a Somalia a 1977, aka ayyana kawar da ita a 8/5/1980.

Kwanan wata na farko ba shi da matsala, tun da babu wata na 14, amma 8/5 yana iya zama 8 ga Mayu ko kuma 5 ga Agusta idan an bi tsarin Amurka, don haka sai an bincika, kuma amsar ita ce 8 ga Mayu. Berkeley ta Ingila [BAAK-li] ce, ba kamar ta Kalifoniya ba wadda ake ce wa [BERK-li]. Jenner likita ne, don haka an san yadda za a warware Dr. Bayanin da ke cikin baka biyu dole a yanke masa hukunci, ko ya zama jimla ko a cire shi, kuma jimla ta biyu ta yi tsawon da numfashi ɗaya ba zai ɗauka ba. Ga yadda zai koma:

> 1. A ranar sha huɗu ga watan Mayu, shekarar alif da ɗari bakwai da casa'in da shida, Likita Edward Jenner [ED-wad JE-na] ya gwada rigakafin cutar agana. Mutumin garin Berkeley [BAAK-li] ne, a yankin Gloucestershire [GLOS-ta-sha] na Ingila.
>
> 2. An kafa Hukumar Lafiya ta Duniya a alif da ɗari tara da arba'in da takwas, kuma hedikwatarta tana Geneva [je-NII-ba]. A alif da ɗari tara da sittin da bakwai ta ƙarfafa yaƙi da cutar.
>
> 3. Bayan shekara goma, a Somaliya, aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa. A ranar takwas ga watan Mayu, alif da ɗari tara da tamanin, aka ayyana cewa an kawar da ita.

A sashe na 3 an maye 1977 da bayan shekara goma, saboda shekaru biyar a jere cikin ɗan gajeren bayani sun yi wa kunne yawa, kuma lissafin bai canza ba. Irin wannan sauyi ne ake nuna wa marubuci kafin a tabbatar da shi. Lambobin da ke gaban sassan ba a karanta su, amfaninsu shi ne mai ɗaukar sauti ya iya cewa a koma sashe na 2 ba tare da an tsaya neman wuri ba.

Wannan warwarewa ba za ta ƙara tsawon lokacin shirin ba?

Ba ta ƙara komai, tana dai bayyana tsawon da dama yake nan a ɓoye. Kwamfuta tana ƙirga 1796 a matsayin kalma ɗaya, alhali a baki kalmomi 8 ne, shi ya sa rubutu mai yawan shekaru da alƙaluma yakan zarce lokacin da aka ware masa. A ƙirga kalmomi bayan an warware komai, an kuma cire bayanan lafazi daga lissafin. Sa'annan a sa mai karatun ya karanta na minti ɗaya da agogo, a ga kalmomi nawa ya kai. Idan misali ya kai 130, shirin minti 3 ba zai ɗauki fiye da kalmomi 390 ba, kuma gara a rage rubutun da a ce masa ya ƙara sauri.

Yaya ya kamata shafin ya kasance a ido?

Haruffa su kai girman 14, a bar tazara mai faɗi tsakanin layuka domin mai karatu ya sami wurin yin tasa alamar numfashi, kada kuma a bar jimla ta tsallaka daga wani shafi zuwa wani. Idan takarda za a yi amfani da ita, a buga a fuska ɗaya kuma kada a haɗe ta da ƙarfe, domin makirufo yana kama ƙarar juya shafi. A tura fayil ɗin a matsayin PDF, a kuma buɗe shi a na'urar da za a karanta a kai kafin ranar aiki, saboda wasu nau'o'in haruffa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su mayar da su ƙananan akwatuna.

Idan aka gano kuskure ko aka sauya wani abu bayan an tura rubutun fa?

A fitar da sabon fayil mai sabuwar lamba, misali `agana_03.pdf` a madadin `agana_02.pdf`, a rubuta lambar da kwanan wata a saman kowane shafi, a kuma gaya wa mai karatu da mai ɗaukar sauti sassan da suka canza da lambobinsu. Kafin a fara ɗauka, kowa ya faɗi lambar da ke hannunsa. Idan lafazin wani suna ne ya canza bayan an riga an ɗauki wasu sassa, a bincika duk wuraren da sunan ya fito a cikin rubutun, a sake ɗaukar cikakkiyar jimlar da yake ciki a kowane wuri, domin kalma ɗaya da aka yanko aka liƙa ba ta cika dacewa da karin muryar da ke kewaye da ita ba. Sabon lafazin kuma a shigar da shi cikin jerin nan take, tare da inda aka samo shi, domin babi na gaba da shirin da zai biyo baya su tarar da shi a gyare.